Bayani a guje ko jimla ɗaya ga hoto ɗaya?

"Jama'a, ina so in haɗa bidiyo in nuna wa iyayenmu yadda za su hana WhatsApp cinye musu data. Wani ya ce in kunna rikodin allo in yi ta bayani kawai. Wani kuma ya ce sai na rubuta, kowane mataki jimla ɗaya da hotonta. Wanne zan bi?"

Ɗan'uwa, na gwada duka biyun, kuma a kan wannan aikin naka na biyun zan ba ka shawara. Amma bari in jera maka su ka gani da idonka, don ta farkon ma tana da ranarta.

Idan ka kunna rikodi ka hau magana ba rubutu, ga irin abin da zai fito daga bakinka: "To, idan kun shiga WhatsApp ɗin naku, za ku ga wasu ɗigo uku a sama, sai ku danna, ku je Settings, daga nan akwai wajen Storage and data, nan ne za ku ga inda ake cire hotuna, saboda su ne ke cin data, musamman masu guruf da yawa." Ba kuskure ko ɗaya a maganar. Matsalar ita ce baki da yatsa ba gudunsu ɗaya ba. Kai da ka saba, yatsanka ya riga ya isa shafi na uku alhali bakinka yana kan ɗigo uku. Ko kuma akasin haka, ka ambaci Settings tun allon bai nuna shi ba. Baban da ke kallo yana riƙe da waya, yana neman abin da ka faɗa a inda babu shi. Daga nan sai ya mayar da bidiyon baya, sau biyu, sau uku, sai ya kira jikansa.

Ta biyun kuwa da takarda ake farawa. Ka ja layi a tsakiya daga sama zuwa ƙasa. Hannun hagu ka rubuta abin da kunne zai ji, hannun dama abin da ido zai gani a daidai wannan lokacin. Ga yadda zan tsara naka a wayar Android:

1. "Buɗe WhatsApp." Hoto: yatsa a kan koren tambarin.
2. "Taɓa ɗigo ukun nan na sama, hannun dama." Hoto: jan da'ira ya zagaye ɗigon.
3. "Zaɓi Settings, wajen ƙasan jerin." Hoto: jerin ya buɗe, kibiya na nuna kalmar.
4. "Ja shafin sama kaɗan." Hoto: shafin na motsi, ba wata alama.
5. "Taɓa Storage and data." Hoto: da'ira a kan layin.
6. "Taɓa When using mobile data." Hoto: an matso da layin kusa.
7. "Cire alamar da ke jikin Photos." Hoto: akwatin yana komawa fanko.
8. "Danna OK." Hoto: yatsa a kan OK.
9. "Ka ga yanzu an rubuta No media." Hoto: layin, a tsaye cak.

Dubi na huɗu da na biyar. Da farko jimla ɗaya na rubuta, "ja shafin ka taɓa Storage and data". Da na zo cike hannun dama sai na rasa hoton da zan sa, na jan shafi ko na taɓawa. Nan ne amfanin layin tsakiyar. Duk jimlar da ta nemi hoto biyu, matakai biyu ne suka ɓuya a cikinta. A Hausa ma gane su ba wuya: in ka ga "sai ka", "sannan" ko "bayan haka" a tsakiyar jimla, to nan ne wurin yanka. Ma'aunin da nake bi shi ne motsin yatsa ɗaya, jimla ɗaya. Mai bayani a guje ba shi da abin da zai tona masa wannan, domin bakinsa yana haɗiye matakan da ya ɗauka kowa ya sani.

Na taran kuma shi ne wanda masu bayani a guje suka fi mantawa. Ba umarni ba ne, shaida ce. Mutum yana son ya ga abin da zai tabbatar masa ya yi daidai, in ba haka ba zai koma ya sake taɓawa ya ɓata abin da ya gyara.

Ta fuskar lokaci, mutane suna zaton rubutaccen ya fi tsawo. Lissafa ka gani. Jimla mai kalma shida ko bakwai tana cin kamar daƙiƙa 3 in ana magana a natse. Ƙara daƙiƙa 2 na shiru bayan kowace, don mai kallo ya duba tasa wayar ya yi abin. Matakai 9 sau daƙiƙa 5, daƙiƙa 45 ke nan. Shirun nan kada ka ji tsoronsa, kuma kada ka cike shi da "yauwa" da "kamar yadda kuke gani". Na a guje yakan zarce haka, don rabinsa inda-inda ne da gyaran baki. Inda ya fi sauri shi ne wajen haɗawa: minti biyar ka gama, alhali rubutaccen zai iya cin maka yamma guda tsakanin rubutu, ɗaukar murya da daidaitawa a manhajar haɗa bidiyo irin su CapCut.

Akwai ƙaramin abu da ke raba gwani da ɗan koyo a wajen daidaitawar. Maganar ta riga taɓawar da ɗan kaɗan. Ka ce "taɓa ɗigo ukun", da'irar ta bayyana tare da kalmar, sannan yatsa ya sauka. In taɓawar ta riga maganar, shafin ya sauya kafin a san abin da aka taɓa. Richard Mayer na Jami'ar California da ke Santa Barbara ya daɗe yana gwaji a kan wannan, kuma abin da ya samu shi ne mutane sun fi fahimta idan magana da hotonta sun zo tare, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Tun daga Android 11 rikodin allo na cikin waya yana da zaɓin nuna inda yatsa ya taɓa. Kunna shi kafin ka fara.

Ka lura kuma ina faɗin wurin da abu yake tare da sunansa. Yawancin iyayen namu ba karanta Turancin za su yi ba, siffar kalmar da mazauninta suke kamawa. Kuma in bidiyon ya tsallaka Maraɗi ko Damagaram, wayar da ke Faransanci Paramètres za ta nuna, ba Settings ba. "Wajen ƙasan jerin" shi zai cece shi.

To ina bayani a guje ya fi? Wajen dalili. Me ya sa hotunan guruf ke cin data, yaushe ya kamata a bar su su sauka da kansu, wannan hira ce, kuma in ka daddatsa ta jimla-jimla sai ta zama kamar karatun allo. Irin wannan ka sa shi a farko, jimla biyu da fuskarka, ka gama da shi kafin matakai su fara. Kada ka cusa "saboda" a cikin mataki na bakwai.

Kafin ka tura, yi gwaji biyu. Kashe sauti ka ba wani ya bi da ido kaɗai. Sannan kife wayar ya bi da kunne kaɗai. Inda ya tsaya a na farko, hoton ne bai fito ba, ko alamomi sun yi yawa a allo ɗaya. Inda ya tsaya a na biyu, jimlar ce ta ce "nan" ko "wannan" ba ta faɗi wurin ba.

Abu biyu da za su dawo maka a matsayin ƙorafi: saƙon murya yana sauka da kansa ko an cire duk alamomin, don haka ka faɗa a jimla ɗaya a ƙarshe. Masu iPhone kuma ba su da ɗigo ukun nan, Settings ɗinsu a ƙasan allo yake. Su bidiyonsu daban za ka yi musu, kada ka haɗa waya biyu a hoto ɗaya.