Janareta ko sola: lissafin shagon firobishin a Tudun Wada

"Jama'a, shagon firobishin gare ni a Tudun Wada. Firiza ɗaya, fanka biyu, ƙwan fitila shida, sai POS da cajin waya. Wutar Nepa ba ta zama, janareta kuma yana shan lita biyar a rana. Na gaji. In ci gaba da shi ko in koma sola?"

Alhaji, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara kasuwa. Ni haɗa sola ce sana'ata a nan Zariya, kuma yawancin aikina na shaguna ne, daga Sabon Gari har Samaru. Bari in jera maka su biyun a kan kayan da ka lissafa, ka ga inda kowanne ya fi.

Mu fara da janaretan, tunda shi ka sani. A ce lita naira dubu ɗaya ce, don sauƙin lissafi, kai sai ka sa farashin da ka saya yau. Lita biyar dubu biyar ke nan a rana, dubu 150 a wata, miliyan ɗaya da dubu 800 a shekara. Ba a sa baƙin mai ba, ba a sa fulogi da wankin kafireta ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 wannan lissafin ya fi ƙarfin ƙananan shaguna. Abin da ya fi ci mini rai kuma shi ne, kayanka gaba ɗaya ba su wuce wat 400 ba idan duk suna kunne, amma injin da zai iya ɗaukar wat dubu biyu kake tayarwa dominsu. Janareta ba ya rage shan mai daidai da yadda ka rage masa kaya. Ko ƙwan fitila ɗaya ka kunna sai ya sha rabonsa. Ta ɓangaren alherinsa, yana da sauƙin saye, duk unguwa akwai mai gyaransa, kuma bai damu da hadari ko hazo ba.

Sola akasin haka take. Kuɗin a farko ake zubawa, sannan a huta. Shago irin naka ya dace da ita saboda yawancin wutar da kake ci da rana kake cinta, lokacin da farantin sola ke ba da wuta kai tsaye ba sai an taɓa batir ba.

Ga yadda nake auna ta. Firizar da ake buɗewa ana rufewa saboda lemo da ruwan leda, a zafin Maris da Afrilu, tana cin kusan yunit biyu a rana, irin yunit ɗin da mitar wuta ke ƙirgawa. Fanka biyu na wat 70, awa 12, sun kusa yunit biyu su ma. Fitilu da POS da caji, rabin yunit. Idan aka haɗa da ɗan abin da ke salwanta a wayoyin wuta da inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin ta Nepa, ka ce yunit biyar a rana. Faranti ɗaya mai wat 550 a ranar Zariya yana ba da kusan yunit biyu. Uku sun isa a takarda, amma ni huɗu nake sawa, saboda watan Agusta da hadari ke rufe sama, da kuma hunturu da ƙura ke kwanciya a kan gilashin. Faranti shi ne mafi arha a cikin kayan idan aka kwatanta da abin da yake bayarwa, don haka ba wurin yin tsimi ba ne.

Inbata kuma ba da wat 400 ɗin ake zaɓarta ba. Injin firiza idan zai tashi yana fizgar wuta ninki uku zuwa biyar na abin da yake ci, na ɗan daƙiƙu kawai. Ƙaramar inbata a nan take kasawa: firiza na tashi sai ka ji ta yi ƙara, fitilu su yi ƙyaftawa, komai ya ɗauke. Mai 2.5kVA ko 3kVA ta wadatar, irin wadda ke karɓar rana da Nepa da janareta duka.

Batir ne zai yanke maka tsadar aikin, kuma tambaya ɗaya ce ke yanke girmansa: firizar za ta kwana a kunne? Daga biyar na yamma zuwa goma na dare da kake rufewa, za ka ci kusan yunit biyu. Idan lemo da ruwa ne a ciki, ta yi sanyinta tun da rana, sai ka kashe ta ka tafi gida, safiya ta yi rana ta karɓe ta. Idan akwai kifi ko kaji ko yogot, dole ta kwana tana aiki, batir ya kusa ninkawa. Batiran ruwa guda biyu masu 200Ah suna ɗauke da kusan yunit biyar, amma rabi kawai ya kamata a ci, in ba haka ba shekara ɗaya ko biyu sun mutu. Suna son ruwan batir lokaci zuwa lokaci, ba ruwan famfo ba, kuma suna son iska, abin da shago mai rufin kwano ba ya da shi. Litiyam ya fi tsada, amma ana cin kashi 80 cikin ɗari nasa ba tare da ya lalace ba, ba ya neman ruwa, kuma yana yin shekaru fiye da na ruwa nesa ba kusa ba. Ni litiyam zan ce maka, mai yunit biyu da rabi idan firiza za ta huta da dare kuma ka yi tsimin fanka, mai yunit biyar idan za ta kwana. Alamar batir ya fara gajiya ita ce ya cika da wuri, ya sauka da wuri.

Duk farashin da aka ba ka, raba shi da dubu 150 ɗin da kake ƙonawa a wata. A ce an ce maka miliyan biyu, wata 14 ke nan ya mayar da kuɗinsa. Amma lissafin yana tsayawa ne idan da gaske lita biyar ɗin ce kullum. Wanda layinsa ke samun wuta sosai, yana tayar da inji awa ɗaya ko biyu, zai daɗe bai fanshe ba, kuma irinsa inbata da batir kaɗai nake ba shi shawara.

Akwai abin da zai iya hana aikin tun kafin a fara. Rufin ya kasance babu inuwa daga tara na safe zuwa huɗu na yamma. Bene a maƙwabta, tankin ruwa, ko reshen darbejiya a kan faranti ɗaya yana ja da sauran da ke layi ɗaya da shi ƙasa. Farantan su fuskanci kudu da ɗan karkata, yadda ruwan sama zai wanke su. A hunturu kuma yaron shago ya riƙa hawa da tsumma da ruwa duk mako, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. Idan shagon haya ne, a nemi yardar mai gida tun da wuri.

Kada ka sayar da janaretan, Alhaji. Idan aka kwana biyu ana ruwa a Agusta, awa biyu ko uku da shi za su ɗaga batir. Kafin ka kira ni ko wani, ka rubuta litar da ka saya kullum har mako guda, ka kuma ɗauki hoton takardar da ke manne a bayan firizar, inda aka rubuta wat ɗinta. Duk wanda ya yanka maka farashi bai ga waɗannan biyun ba, bai kuma hau rufinka ba, kada ka ba shi kafin alƙalami.