Hattara da masu sayar da "haɗin wanke homon" na ƙurajen fuska da gashin haɓa

'Yan'uwa mata, abin da ya sami ƙanwata ne ya sa na rubuta wannan, kuma har yanzu raina a ɓace yake. Ba zan ambaci sunan mai kayan ba. Irinta suna da yawa, salonsu kuma ɗaya ne, shi ya sa salon nake so ku gane.

Ƙanwata shekararta 24. Tun tana sakandare, duk wata idan al'adarta ta kusa, sai ƙuraje masu zafi su fito mata a haɓa da gefen muƙamuƙi, irin waɗanda suke can cikin fata ba su da baki. Tana kuma da 'yan silin gashi masu kauri a haɓa da take tsigewa a ɓoye. Bikinta ya matso, sai wata ƙawarta ta tura mata lambar wata mai kayan gyara. Matar ta nemi hoton fuska, ko minti biyar ba a yi ba ta aiko da murya: "Hajiyata, homon ɗin maza ne ya yi miki yawa, dattin mara ne ya haddasa shi, kwana bakwai za mu wanke shi tas." Ta sayar mata da kirim a roba marar suna, da sabulu, da garin sha a nono, naira dubu 35. Sannan ta kafa sharaɗi ɗaya: kada ta fara amfani da su sai ranar da ta ga jini.

Wannan sharaɗin shi ne tarkon, amma sai kin san yadda jiki ke aiki za ki gan shi.

Kowace mace tana da androjin, wato sinadaran da ake ce wa homon ɗin maza, wanda aka fi sani a cikinsu shi ne testostiron. Ma'ajiyar ƙwai ce ke samar da su, tare da wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda. Ba datti ba ne, halitta ce, babu kuma garin da ke wanke su. Aikinsu a fata shi ne su sa ƙofofin gashi su fitar da maiƙo. Idan maiƙon ya yi yawa ya haɗu da matacciyar fata, ƙofar ta toshe, ƙurji ya taso.

A cikin wata, testostiron ba ya hawa da sauka sosai. Yakan ɗan ɗaga a tsakiya, lokacin fitar ƙwai, wajen kwana na 14 ga mai zagayen kwana 28. Wanda ke sauyawa da ƙarfi shi ne istirojin, homon ɗin da ke rage wa androjin tasiri a fata. A satin ƙarshe kafin jini istirojin yana faɗuwa, androjin ya samu fili, ƙuraje su yi tsiri. Da jini ya zo, cikin 'yan kwanaki istirojin ya fara hawa, ƙurajen su soma lafawa da kansu ko ba a shafa komai ba. Kun ga ke nan matar nan ta sa ƙanwata ta fara haɗinta daidai lokacin da fuskar za ta yi sauƙi dama. A kwana na bakwai ta nemi sabon hoto, ta haɗa shi da na farko wanda aka ɗauka ana tsakiyar tsirin, ta ɗora a matsayin shaida ba tare da izini ba.

Da abin ya tsaya a nan, da kuɗi kawai aka ci. Fuskar ta yi haske da santsi a sati biyu na farko, har ana tambayarta me take shafawa. A wata na biyu sai wasu ƙananan ƙuraje masu kama ɗaya suka feso a goshi da kumatu, wuraren da ba ta taɓa samun su ba. Fatar ta yi siriri, tana zafi idan rana ta taɓa ta. Gashi mai laushi ya fara rufe gefen kumatu. Da ta daina shafawa kwana uku, fuskar ta kumbura tana ƙaiƙayi. Ta kira matar tana kuka, ita kuwa ta ce cutar ce ke fita, sai an hau mataki na biyu, naira dubu 50.

A nan ƙanwata ta faɗa mini, na kai ta wajen likitar fata. Likitar tana duba fuskar ta ce waɗannan alamun sitiroyid ne mai ƙarfi, irin su kulobetasol da betametason, waɗanda masu haɗi ke matsewa daga kwalinsu su cakuɗa a kirim. Sitiroyid yana kashe ja da kumburi nan take, shi ya sa ake ganin kamar an warke, amma idan aka daɗe ana shafa shi a fuska shi da kansa yake haifar da ƙuraje, ya cinye kaurin fata, ya tsiro da gashi. Ta nuna mana bambancin da ban taɓa lura da shi ba. Gashin da androjin ke kawowa mai kauri ne, baƙi, a haɓa da saman leɓe, wani lokaci ƙirji da ƙasan cibiya. Na sitiroyid kuwa mai laushi ne, a inda aka shafa man yake fitowa. Yarinyar da ta je neman maganin silin gashi biyar ta dawo da iri biyu a fuska ɗaya.

An yi mata gwajin jini, testostiron ɗinta daidai yake. Likitar ta ce haka yake ga mata da yawa: ba yawan homon ba ne, fatarsu ce ke saurin amsa masa, kuma yakan bi dangi. Nan na tuna gwaggonmu ma tana da gashin haɓa. Babu wanda zai kalli hoto a waya ya san adadin homon ɗin da ke jikinki. Akwai dai waɗanda nasu ya wuce haka. Idan al'adarki na yawan wuce kwana 35 kafin ta dawo, ko tana tsallake watanni, ga ƙuraje ga gashi, to a duba ki ko lalurar rikicewar homon da aikin ma'ajiyar ƙwai da likitoci ke rubutawa PCOS ce, wadda ke samun kusan mace ɗaya cikin goma. Idan kuma gashin ya fito da sauri cikin 'yan watanni, murya ta fara kauri, wannan asibiti ne ba jira, domin ƙari a ma'ajiyar ƙwai ko saman ƙoda yakan zo da haka.

Maganar kwana bakwai ita kaɗai ta isa ki gane ƙarya ce. Maganin ƙuraje na gaskiya yana ɗaukar sati 8 zuwa 12 kafin a ga aikinsa. Na gashi kuwa, ko ƙwayoyin asibiti masu rage tasirin androjin sai an yi wata shida ana sha, kuma sabon tsiro suke ragewa, wanda ya riga ya yi kauri sai an cire shi. Ɗaya daga cikinsu, sifironolakton, ba a ba mai ciki ko mai neman ciki saboda yana iya cutar da halittar ɗa namiji. Ki tuna da wannan duk ranar da aka miƙo miki garin da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, babu lambar NAFDAC, babu ranar lalacewa.

Wadda ta riga ta daɗe tana shafa irin wannan kirim, kada ta koma wa mai kayan idan fuska ta tayar. Ta ɗauki robar ta tafi da ita asibiti, domin sau da yawa sai an janye shi a hankali. Ƙanwata yanzu wata huɗu ke nan tana kan magani. Ƙurajen sun ragu, gashin kumatun ya fara zubewa, amma baƙaƙen tabo suna nan, kuma da su ta shiga ɗakin mijinta. Hotonta na kwana bakwai har jiya yana kan shafin matar, mun roƙe ta sau uku ta sauke, ta toshe lambobinmu.