Gargaɗi: hular gashi ɗaya ce aka rina a kwamfuta ake tallata muku ita kala bakwai

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na 'yan'uwa mata ne na Zariya da kewaye, musamman ɗaliban Samaru da Kongo da masu shirin biki. Akwai wata mai tallar hular gashi a Instagram da WhatsApp da ke nuna hotunan gashi mai launi biyu, saiwa baƙa, ƙasa ruwan zuma ko ja, wanda ake kira ombire. Gashin da ke cikin hotunan nan babu shi a duniya. Ba zan ambaci sunanta ba, don ko na ambata ba zai amfane ku ba, tun da muka fara magana sau biyu tana canza sunan shafin. Hoton ne ba ya canzawa, shi ya sa zan koya muku karanta shi.

Ni sana'ata gyaran hoto ce, ina da ɗan shago a Samaru. Ƙanwata ce ta faɗa hannun matar nan. Za a yi kamun ƙawarta, ta ga hula mai lamba T1B/27, wato baƙi daga sama ya sauka zuwa ruwan zuma, ta tura naira 48,000 ba ta shawarci kowa ba. Bayan kwana shida direba ya kira ta ta je Kwangila ta karɓo ƙunshi. Da ta buɗe, baƙar hula ce wuluk tun daga sama har ƙasa, kuma ta roba. Ta yi ƙorafi, aka ce mata wai hasken ɗakinta ne, ta fita rana ta gani. Ta fita rana. Sai aka ce to ta sayi bilic ta rina ƙasan da kanta. Wannan ma ƙarya ce, domin zaren roba ba ya cin bilic ɗin gashi, sai dai ya lalace. Daga nan aka toshe lambarta.

Ta shigo shago ido ya yi ja, ta ce, "Yaya, don Allah duba min, ko ni ce ban gani daidai ba?" Zancen hukuncin sa hular gashi na bar wa malamai, ni hoto na sani. Na ce ta turo min duk hotunan shafin. Guda bakwai ne, na jera su a kwamfuta ɗaya bisa ɗaya, ina kunna wannan ina kashe wancan. Akwai wani siririn gashi da ya lanƙwasa ya tsaya a kafaɗar hagu ta mutum-mutumin da aka sa wa hular. Yana nan a ruwan zuma, yana nan a ja mai lamba 99J, yana nan a fari mai lamba 613, bai motsa ko kaɗan ba. Hoto ɗaya ne aka ɗauka na baƙar hula, aka rina shi sau shida.

Don ta yarda, na ɗauki hoton hular da aka aiko mata na yi mata aikin a gabanta. Bai kai minti ashirin ba. Bari in faɗi yadda ake yi, domin duk alamomin da za ku nema daga cikin aikin suke fitowa.

A Photoshop, manhajar gyaran hoto, akwai abin da ake kira Gradient Map, ana samun sa ta Layer > New Adjustment Layer > Gradient Map. Shi bai san gashi ba, bai san fata ba, haske kawai ya sani. Kowane ɗigo na hoto yana da ma'aunin haske daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 255, fari fat. Kai kuma sai ka ba shi zaren launuka. Launin da ka sa a hagu ya maye gurbin wurare masu duhu, na dama ya maye gurbin masu haske, na tsakiya ya ɗauki tsaka-tsaki. Shi ya sa masu gyaran hoto muke son sa wajen gashi: silin gashi da inuwarsa suna nan yadda suke, launi ne kawai ya sauya.

Amma baƙin gashi yana da taurin kai. Kusan dukkansa yana can ƙasan ma'auni, a kashi ɗaya bisa huɗu na farko. Idan ka bar launukan a inda suka zo, gashin zai zauna da duhunsa. Idan kuma ka sa leyar, wato shimfiɗar rinin da ke bisa hoton, a tsarin gauraya na Color, babu abin da zai faru na a zo a gani, domin Color launi yake canzawa, ba ya taɓa haske, baƙi kuwa ko wane launi ka ba shi baƙi ne. Dole ka bar ta a Normal, ka jawo launukan su matsu a hagu. Ga abin da na sa a hular ƙanwata:

```
Location 0%   1A0F0A
Location 12%  8B5A2B
Location 35%  E8C99B
```

Na farko ruwan ƙasa ne mai duhu sosai, na biyu ruwan zuma, na uku mai haske kamar madara da shayi. Nan take duk hoton ya rine, har bango. Daga nan aikin rufi ya fara, abin da allon ke kira Layer Mask, mu a shago muna ce masa mas. Dokarsa ɗaya ce: inda ka shafa baƙi rinin ya ɓuya, inda ka shafa fari ya bayyana. Rufi biyu ake bukata. Na farko shi ne ya killace gashin, ana yanko shi da Select and Mask, a bi gefe-gefe da Refine Edge Brush don a kama ƙananan sili. Na biyu shi ne ya yi ombire ɗin: ka sa leyar cikin Group, ka ba shi nasa mas, ka ɗauki Gradient Tool daga baƙi zuwa fari ka ja daga wajen kunne zuwa ƙirji. Sama ya koma baƙinsa, ƙasa ya zama zuma. Mai son tsilli-tsillin haske a jikin gashi kuwa sai ya juya sabon farin mas ya koma baƙi ta Ctrl+I, ya ɗauki farin buroshi mai laushi, Flow kamar 5%, ya riƙa bin sili ɗaya-ɗaya daga sama zuwa ƙasa.

Wannan aiki ne na halal idan amarya ta ce a gyara mata hoto, ko mai kitso tana son nuna wa kwastoma yadda launi zai karɓe ta kafin a rina. Abin da ya mayar da shi cuta shi ne a nuna shi a ce ga kayan da ke shago.

To mai gaggawa ba ya tsayawa ya yi mas da kyau, kuma matar nan gaggawa take. Wurin da ta fi tona wa kanta asiri shi ne gefen gashi. Ki buɗa hoton da yatsu biyu har ya fara fashewa, ki duba inda gashi ya haɗu da bango. A hotunanta bangon fari ne, amma tsakanin silin gashin da ke ƙasa ya zama ruwan ƙwai-ƙwai, saboda mas ɗin ya haɗa da bango. A wani gefen kuma akasin haka ne, mas bai kai ba: ƙananan silin da suka tashi daga jikin gashin suna nan baƙaƙe, alhali gashin da suka fito daga cikinsa wai ruwan zuma ne. Rini na gaske ba ya tsallake sili don ya yi siriri.

Abu na biyu ya fi wuyar gani, amma da zarar kin gane shi ba za ki ƙara ruɗuwa ba. Ki duba inda baƙi yake komawa zuma. A hular gaske, kowane layin gashi an rina shi ne daga nasa tsawon, kuma layukan ba a tsayi ɗaya aka ɗinka su ba, wani yana ƙeya, wani yana tsakar ka. Don haka canjin launin hawa da sauka yake yi, wani sili ya fara haske da wuri, wani ya makara. Na kwamfuta kuwa hoton aka ja wa layi, ba gashin ba. Canjin zai ratsa daga kafaɗa zuwa kafaɗa a miƙe kamar an sa rula, ko gashin ya nannaɗe ko ya kwanta. A hotonta akwai gajeren gashi na gaba da ya tsaya a haɓa, baƙi ne har bakinsa, don kawai bai kai inda layin ya faro ba.

Sai ƙyalli. Gashi idan fitila ta buge shi, wurin ƙyallin kan ɗauki launin fitilar, fari-fari. Tunda Gradient Map haske yake bi, kuma an matso launukan hagu, duk abin da ya wuce 35% launi ɗaya yake samu. Sai ƙyallin ya zama faci mai launin madara, shafaffe, babu sili a ciki. Inuwa kuma da aka tilasta wa haske takan fito da ƙuraje-ƙuraje da ƙananan murabba'ai, ƙasan gashin ya yi tsakuwa-tsakuwa alhali samansa sumul.

Wanda ya ba mu dariya duk da ɓacin rai shi ne madubi. A bayan mutum-mutumin, can gefen dama, akwai madubin shago, rabin hular ya fito a ciki. A duk hotuna bakwai hular cikin madubin baƙa ce. Ta manta da ita.

Ba na cewa kowane hoto za ki kama shi. Ƙwararren da ya zauna awa biyu zai gyara gefe, ya karya layin da buroshi, ya dawo da ƙyallin, ni kaina sai na sa ido sosai. WhatsApp kuma yana matse hoto, wasu alamomin su dushe, shi ya sa yana da kyau ki ce a turo miki shi a matsayin Document. Amma abin da ya fi duk wannan sauƙi shi ne kiran bidiyo. Kada ki yarda da bidiyon da aka turo, ana satar sa daga shafin wasu. Ki ce ta ɗauki hular a hannu kina kallo, ta juya ta, ta tsaga gashin da yatsu ki ga cikinsa, ta kai shi bakin taga. Ƙanwata ta nemi bidiyo tun farko, aka ce mata wai kayan suna sito, yaron da ke riƙe da makulli ya tafi gida, kuma saura biyu kacal. Ta ji saura biyu ta tura kuɗi.

Mun kai ƙorafi banki da takardar tura kuɗin, mun kuma kai rahoton shafin, har yau shiru. A makon nan wata ɗaliba ta nuna min sabon shafi, sabon suna, farashi ya sauka zuwa 39,000, wai rangwamen biki. Mutum-mutumin nan ne mai jan janbaki, farin bango, siririn gashi a kafaɗar hagu. Madubin ne kawai ta yanke, amma idan kika duba kusurwar dama ta sama za ki ga ɗan gefen firam ɗinsa mai ruwan gwal. Duk wadda aka turo wa hoto tana shakka, ta biyo shago da wayarta in duba mata, ba na karɓar ko sisi.