Na cusawa ko allura: wanne ya fi riƙe ciki bayan dashe?

"Salam 'yan uwa. Ranar Asabar aka yi min dashen ɗan tayi a nan Abuja. An ba ni Cyclogest in riƙa cusawa safe da dare. Amma ƙawata da aka yi wa nata a watan jiya, allura ake mata kullum. Ko nata ya fi ƙarfi ne? In je kemis in sayi allurar?"

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah Ya sa ya zauna. Kada ki sayi komai tukuna. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren neman haihuwa, kuma kafin a kwatanta maganinku sai an fara kwatanta irin dashen da aka yi muku.

A wata na yau da kullum, idan ƙwai ya fita, gurbin da ya bari a ma'ajiyar ƙwai yana rikiɗewa ya zama ɗan ƙulli mai fitar da sinadarin furojestaron. Shi ke gyara shimfiɗar mahaifa ta karɓi ɗan tayi, shi ke hana ta zubewa. Gurbin nan ke riƙe ciki har wajen mako 7 zuwa 9, sannan mabiyiya ta karɓi aikin.

Idan sabon dashe aka yi miki, wato an ciro ƙwai a makon aka mayar da ɗan tayi, kina da wannan gurbi, har da yawa ma. Sai dai alluran da aka yi miki don ƙwai su nuna suna sa ƙwaƙwalwa ta rage aiko da umarnin da ke raya gurbin, sai ya gaji da wuri. Maganin da aka ba ki furojestaron ne, ƙari a kan abin da jikinki ke yi. Idan kuwa daskararren ɗan tayi aka narkar, aka kuma shirya mahaifa da ƙwayoyin istirojin ba tare da ƙwai ya fita ba, to babu gurbi ko ɗaya. Duk furojestaron ɗin da ke jikin matar daga waje yake zuwa. A nan ne likitoci da yawa ke ƙara allura, domin wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2021 ya nuna cewa a irin wannan dashe, masu cusawa kaɗai sun fi ƙarancin haihuwa a kan masu allura kullum, ko masu haɗa cusawa da allura duk kwana uku. A sabon dashe kuwa, ba a ga wani bambanci na a zo a gani tsakanin hanyoyin biyu ba. Ki tambayi ƙawarki ko nata daskararre ne; ina kyautata zaton amsar tana nan.

Na cusawa, irin naki, yawanci miligiram 400 ne sau biyu a rana. Akwai Utrogestan, miligiram 200 sau uku, da man Crinone, miligiram 90. Fa'idarsa ita ce daga gaba yake tsallakawa kai tsaye zuwa mahaifa, saboda haka adadinsa a shimfiɗar mahaifa yana da yawa ko da na cikin jini bai kai na mai allura ba. Ke za ki sa da kanki, babu zafi. Wahalarsa ita ce farin maiƙo da ke biyo baya ya ɓata wando. Mata da yawa suna kirana a firgice cewa maganin ya zubo. Kitsen da aka naɗe maganin ne, shi maganin ya riga ya shiga. Ki wanke hannu, ki tura shi ciki sosai, ki kishingiɗa kamar minti ashirin, ki sa ƙunzugu mara kauri. Idan gaba ya fara ƙaiƙayi, Cyclogest ana iya sa shi ta dubura, amma ki gaya wa likitarki. Sai zafin Abuja: a watan Maris da Afrilu kada ki bar kwalin a mota ko kusa da taga, narkewa yake. Na taɓa karɓar kwali daga hannun wata baiwar Allah da ta taso daga Kubwa a tasi, muka ɓare ɗaya, ya yi laushi kamar man shanu.

Allurar kuma furojestaron ne a cikin mai, yawanci miligiram 50 a rana, a can cikin tsokar ɗuwawu, gefen sama ta waje. Tana ɗaga adadin da ke jini sosai, kuma ba ta da ɓata tufafi. Amma mai ne mai kauri, kullum, na makonni. Wurin yakan yi ƙulli, ya yi tsami, zama a mota ya zama aiki. Ana canza ɓangare kullum, a ɗumama kwalbar a tafin hannu, a gasa wurin da tawul mai ɗumi. Idan ƙullin ya yi ja, ya yi zafi, zazzaɓi ya biyo baya, ƙurji ne ke haɗuwa, asibiti za a je. Ga kuma neman mai yi miki, har ranar Lahadi.

Akwai hanya ta uku, ƙwayar sha ta Duphaston, miligiram 10 sau uku a rana, wadda gwajin da aka fitar a 2017 ya nuna ba ta gaza na cusawa ba a sabon dashe.

Ga lissafin kwanaki, domin lokaci ya fi hanya muhimmanci. A ce Litinin aka ciro miki ƙwai. Ana fara magani daga daren Litinin, kada ya wuce kwana uku, kuma ba a farawa kafin a ciro. Asabar ɗan tayi ya kwana biyar, aka dasa. Bayan kamar kwana goma a yi gwajin jini don a ga ko ciki ya shiga. A daskararre ma haka ake ƙirgawa: a fara Litinin, a dasa Asabar, domin mahaifa ta sha maganin daidai kwanakin ɗan tayin. Idan mai daskararre ta manta kwana biyu, babu gurbin da zai rufa mata baya. Shi ya sa ita ake ci gaba da nata har mako 10 zuwa 12, mai sabon dashe kuwa likita na iya tsayar da nata kafin nan. Ga masu zuba maniyyi a mahaifa da ke karantawa: an fi ganin amfanin furojestaron idan da allurai aka nunar da ƙwai, ba da ƙwayar Clomid ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne daina magani saboda an ga jini. Ɗigon jini yana faruwa, musamman ga masu cusawa, kuma da yawa cikin na nan. Ki ci gaba, ki kira asibiti. Haka nan nauyin nono, kumburin ciki da barci duk aikin maganin ne, kuma yana iya jinkirta al'ada ko babu ciki. Gwajin jini kaɗai ke raba gardama. Jini mai yawa da ciwon mara a gefe ɗaya, ko jiri, wannan ba na jira ba ne.

Idan naki ya ƙare kika je kemis, kada ki yarda a ba ki Primolut N ko allurar tazarar haihuwa da sunan ai duk dangi ɗaya ne. Ba a riƙe ciki da su. Idan har yanzu hankalinki bai kwanta ba, ki tambayi likitarki ko za a auna furojestaron ɗin jininki. Wasu asibitoci suna ƙara allura idan ya gaza wajen 10 ng/mL, musamman a daskararre. Ki duba katinki yau ki gaya mana wane irin dashe aka rubuta.