Kiran kamfanin inshora yau ko jiran takardu su cika: wanne ya fi?

"Ranar Asabar wata motar haya ta doki motata a titin Kubwa, gaban ya lotse, ruwan lagireto ya zube. Ina da cikakkiyar inshora. Wani abokina ya ce kada in kira kamfani sai na karɓo rahoton 'yan sanda da kiyasin bakanike, wai idan na je hannu rabbana ba za su saurare ni ba. Yau kwana huɗu ke nan. In kira yanzu ko in jira?"

Malam, Allah ya kiyaye gaba, Allah kuma ya mayar da alheri. Ka kira su yau, kafin a tashi daga aiki. Abokin naka ya haɗa abubuwa biyu ne wuri guda, alhali kowanne da lokacinsa. Sanar da kamfani cewa abu ya faru daban, kai musu takardun da za su biya ka a kansu daban. Na farkon ba ya bukatar komai sai lambar takardar inshorarka da bakinka. Na biyun ne ke bukatar rahoton 'yan sanda, kiyasin gyara, kwafin lasisin tuƙi da takardun mota, kuma su da kansu za su lissafa maka abin da suke so bayan ka kira.

Ɗauko takardar yarjejeniyar, ba ƙaramar shaidar da kake nuna wa jami'ai a hanya ba, mai shafuka da yawan nan da aka turo maka ta imel. Nemi sashen sharuɗɗa. Za ka ga ɗaya daga cikin salo biyu. Wani kamfanin yana yanke adadi, ya ce cikin kwana kaza, wani bakwai, wani talatin. Wani kuma ba ya faɗin adadi, sai ya ce a sanar nan take, ko da zarar an samu hali. Mutane na ɗaukar na biyun ya fi sauƙi tunda babu lamba a jiki. A ganina ya fi tsanani. Mai kwana talatin ya san inda iyakarsa take, kuma ƙidayar tana farawa ne daga ranar da abin ya faru, ba daga ranar da 'yan sanda suka ba ka takarda ba. Wanda aka ce wa nan take kuwa, duk kwanan da ya wuce sai ya nemo masa dalili. Kwanciya a asibiti dalili ne da za a karɓa. Jiran bakanike ya rubuta kiyasi ba dalili ba ne, tunda wayarka na hannunka duk tsawon lokacin.

Akwai wani layi kuma da ya kamata ka duba. Yarjejeniyoyi da yawa suna cewa cika waɗannan sharuɗɗa shi ne sharaɗin da sai an cika shi kafin biya ya hau kan kamfani. Da wannan layin ne ake ƙin biyan mutumin da ya biya kuɗinsa cif, hatsarin gaskiya ne, kuma irin wanda inshorarsa ta ƙunsa ne. Haka abin yake a takaful ma, wato inshora bisa tsarin Musulunci, sunan tsarin ne da yadda ake juya kuɗin suka bambanta, sharaɗin sanarwa yana nan.

Mu jera mutum biyu masu irin matsalarka, mota iri ɗaya, gyara na naira miliyan 1 da dubu 800, kuma yarjejeniyar kowannensu ta ce dubu 100 na farko a kan mai mota yake.

Na farko ya kira washegari, ba shi da ko takarda ɗaya. Aka ba shi lambar ƙorafi, aka turo masa fom, aka ce kada a taɓa motar. Injiniyan kamfani ya same ta a garejin da aka ja ta a Apo. Ya ga bamba a karye, fentin ɗaya motar a jikin bonet, lagireto a fashe daidai inda ƙarfe ya shige shi. Abin da ya gani ya yi daidai da abin da aka faɗa masa a waya. Ya zauna da bakaniken suka daidaita kan kiyasi, aka ba da izinin gyara. Rahoton 'yan sanda ya biyo baya, ba wanda ya ce masa ya makara. Kamfani ya ɗauki miliyan 1 da dubu 700, shi ya cika dubu 100.

Na biyu ya bi shawarar jira. Rahoto ya ɗauki mako biyu. Kafin nan hidimar kai yara makaranta ta dame shi, ya ce wa mai gyaran jikin mota ya fara buga bonet ɗin, aka sa sabon lagireto, tsohon yaran gareji suka sayar wa masu gwangwan. Ranar da ya shiga ofishin kamfani da fayil cike da takardu, an shiga mako na shida. Injiniya ya je ya tarar da mota an shafe ta da fenti. Ba zai iya sanin ko lagireton a hatsarin ya fashe ba, ko dama yana yoyo. Ba zai iya sanin ko fitilar canji take bukata ko gyara ba. Rasit ne kawai a gabansa, shi kuwa rasit kowa na iya rubuta shi. Wannan mutumin ko dai a ƙi biyansa gaba ɗaya, ko a yi masa tayin abin da bai kai rabi ba, ya shiga zarya.

Abin da ya fi ɓata wa kamfani rai a wajen na biyun shi ne direban motar hayar. Idan laifin wancan ne, kamfaninka bayan ya biya ka yana da haƙƙin bin sa, ko bin kamfanin inshorarsa, ya karɓo abin da ya kashe. Tun daga Janairun 2023 inshorar dole ta ƙananan motocin gida, wadda ake kira tad-fati, ta koma naira dubu 15, kuma tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3. Tunda motar haya ma dole ne ta yi tad-fati, ka ga ashe akwai kuɗin da za a iya bi. Amma bayan mako shida direban ya canza tasha, mai shayin da ya ga abin da idonsa ya manta launin motar. Kai ka rufe musu wannan ƙofar, kuma ita za su kafa hujja da ita. Ba na kare kamfanonin inshora, na san akwai masu neman ƙaramin dalili su zille. Shi ya sa ma nake cewa kada ka miƙa musu dalilin da hannunka.

Fa'ida ɗaya jira yake da ita: ka je sau ɗaya da komai a hannu. Wannan sauƙin bai kai a saka miliyan 1 da dubu 700 cikin haɗari saboda shi ba.

To, me za ka ce idan an ɗaga wayar? Ka kira lambar sashen biyan diyya da ke jikin takardarka. Ka faɗi sunanka kamar yadda yake a takardar, lambar yarjejeniya, da lambar mota. Sannan ka ce wani abu kamar haka: "Ina sanar da ku hatsari ne. Ranar Asabar, wajen ƙarfe biyar na yamma, a titin Kubwa kusa da gadar Dutse. Ni nake tuƙi. Wata motar haya mai lamba kaza ta doki gaban motata. Bamba, bonet, fitilar hagu da lagireto sun lalace, iya abin da ido ya gani ke nan. Babu wanda ya ji rauni. An kai rahoto ofishin 'yan sanda kaza. Motar tana gareji kaza, ba a taɓa ta ba."

Ka lura da "iya abin da ido ya gani". Idan aka buɗe aka tarar injin ma ya taɓu, ba za a ce ka ƙaro daga baya ba. Kada ka yanke kuɗin gyara da baki, kada ka yi kintacen gudun da wancan yake yi. Abin da ba ka tabbatar ba, ka ce za ka bincika ka turo. Duk abin da ka faɗa ana rubutawa, kuma za a gwada shi da fom ɗin da za ka cike da rahoton 'yan sanda. Idan ba kai ke tuƙi ba, ɗanka ne ko direbanka, ka faɗi gaskiya tun farko. Ƙarya a wannan wurin ta fi makara illa, domin tana iya rushe neman diyyar baki ɗaya.

Za su tambaye ka me ya sa sai yau. Ka ce musu an ba ka shawarar jiran rahoton 'yan sanda ne, da ka gane ba haka ba ne ka kira. Kwana huɗu da mota a ajiye ba a taɓa ba, matsayinka da sauran ƙarfi sosai.

Kafin ka ajiye wayar ka karɓi lambar ƙorafi da sunan wanda kuka yi magana da shi. Ka tambayi takardun da suke so da ranar ƙarshe ta kai su, domin wannan wa'adi ne na biyu mai zaman kansa. Ka tambayi ranar da injiniyansu zai zo, da ko an yarda ka matsar da motar. Daga nan, a ranar, ka tura imel mai ɗauke da abin da ka faɗa, da hotunan motar ta kowace kusurwa. Yawancin yarjejeniyoyi sanarwa a rubuce suke nema, kira shi kaɗai ba ya barin shaida a hannunka. Idan ta hannun wakili ko dillali ka sayi inshorar, ka sanar da shi, amma kada ka tsaya a nan. Saƙon WhatsApp da ya kwana a wayarsa bai isa ofishin kamfani ba. Ka nemi amsar da ta fito daga kamfanin kansa.

Sai batun sulhu, wanda a wurinmu shi ne ya fi jawo matsala. Shugabannin tasha za su zo da ban haƙuri, a ce direba zai kawo dubu 200 a yafe masa sauran, a rubuta a sa hannu. Yafiya abu ne mai kyau, amma haƙƙin bin direban yanzu ba naka ne kai kaɗai ba. Kada ka sa hannu a takardar yafewa, kada ka karɓi kuɗi, kada kuma ka amsa laifi ko ka yi wa kowa alƙawarin biya, sai da izinin kamfani a rubuce. Ka ce musu maganar tana hannun inshora. Idan wata takarda ta zo maka daga lauya ko sammacin kotu, ka tura musu ita a ranar, kada ka amsa da kanka. Wannan ya shafi mai tad-fati kaɗai ma: ba za a gyara masa tasa motar ba, amma idan wancan ɓangaren ya taso da neman diyya bayan wata uku alhali bai taɓa sanar da kamfaninsa ba, zai iya tarar da kansa shi kaɗai a gaban alƙali.

Idan duk da haka suka ce ka makara, kada ka karɓi amsar da baki. Ka nemi su rubuto maka, su nuna sharaɗin da suka dogara da shi. Ka mayar musu da amsa a rubuce cewa motar tana nan yadda take, lambar ɗaya motar tana hannunka, jinkirin bai hana su binciken komai ba. Idan suka kafe, hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora tana da hedikwata a nan Abuja, kuma tana karɓar ƙorafin masu inshora. Ka je mata da wasiƙar ƙin biyan, kwafin yarjejeniya, da imel ɗin da za ka tura yau mai ɗauke da kwanan wata.