Hattara da mai tallar manhajar karanta rasit da ke cewa ba sai an duba ba

Naira 850,000 ofishinmu ya biya mutumin nan. Dubu ɗari takwas da hamsin, a kan manhajar da ya ce za ta karanta rasit ta shigar da shi littafin asusu kai tsaye. Kuma kada wani ya ce mun yi sakaci, sai da muka sa ya gwada a gabanmu. Ashe rasit ɗin da ya gwada da su nasa ne, bugun kwamfuta tsaf, ba hatimi, ba ƙarin biro.

Ga inda cutar take. Irin wannan manhaja tana ba kowane gurbi da ta karanto makin tabbaci daga 0 zuwa 1: sunan mai kaya da makinsa, kwanan wata da nasa, jimillar kuɗi da nata. Duk abin da ya gaza iyakar da aka sa, sai ya tsaya akanta ya duba. Shi kuwa mai tallar sai ya haɗa makin gurabe goma ya raba, ya sa iyaka 0.90 a kan matsakaicin, ya kulle saitin. Idan gurbi tara suka samu 0.98, lambar asusun banki kuma ta samu 0.40 saboda hatimi ya hau kanta, matsakaicin 0.92 ne. Sai takardar ta wuce salin-alin, alhali gurbin da kuɗi zai bi shi ne manhajar ba ta gane ba. Shi ya sa ranar gwajin allo ya yi ta nuna kore muna gyaɗa kai. Koren nan har yau yana ci mini rai.

Kai, maki mai yawa ma ba shi ne gaskiya ba. Kafin mu gano zancen matsakaicin, wani rasit ya zo da kaya na 1,720,000, harajin VAT kashi 7.5, wato 129,000, jimilla 1,849,000. Manhaja ta ɗauki 7 a matsayin 1, ta rubuta 1,120,000, da maki 0.96. Giɓin 600,000 ke nan, iyakar 0.90 kuma ba za ta kama shi ba. Lissafi ne ke kama shi: kuɗin kaya da haraji dole su ba da jimilla, in ba su ba da ba, takarda ta tsaya ko makinta nawa ne. Manhajar 850,000 ba ta da wannan.

Hotunan saitin da na hirarmu suna nan, zan ɗora su da zarar na rufe sunayen masu kawo mana kaya.

Wanda zai saya, ya ɗebo tsofaffin rasit ɗinsa kamar ɗari uku waɗanda aka riga aka tantance da hannu, har da masu maiƙo da na biro, ya ga a wane maki kuskure ke fara yawa a kowane gurbi, ya sa iyakarsa sama da nan. Ta kuɗi ta fi ta adireshi tsauri. Lambar asusun da ta saɓa wa wadda ke fayil, mutum ya duba ko makinta 0.99 ne. In mai sayarwa ya hana ku taɓa saitin, ku riƙe kuɗinku.