Kahini da hadaya, ko malami da addu'a: yadda Yahudawa suka canja bayan shekara ta 70

Kafin sojojin Roma su ƙone Haikalin Kudus a shekara ta 70 Miladiyya, ibadar Yahudawa tana hannun kahinai, wato limaman da ke miƙa hadaya, zuriyar Annabi Haruna. Matsayin gado ne, ilmi ba ya kai mutum can. Kowace rana ana yanka ɗan rago biyu, ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Raunin tsarin shi ne doka ta ɗaure yanka da wuri guda, don haka da ginin ya faɗi, aikin ya tsaya cak.

Tsarin malamai, wato rabbai, bai dogara da wani gini ba. A garin Yabne, malami Yohanan ben Zakkai da magadansa suka sa karatun Attaura, addu'a da sadaka a gurbin jini. Sun bar lokutan yadda suke: addu'ar safe ta maye ragon safe, ta yamma ta maye na yamma, Asabar da ranakun idi kuma akwai ƙarin addu'a maimakon ƙarin yanka. Maza goma sun isa jam'i, ko a Babila ko a Masar. A ganina wannan ne ya raya addinin.

Sauyin bai zo dare ɗaya ba, sai wajen shekara ta 200 aka harhaɗa Mishna, kundin dokokin addini da malamai suka gada da baki, wadda har yanzu ta tanadi dokokin yanka dalla-dalla. Kahinai kuma ba su ɓace ba: su ake fara kira karatun Attaura, su ke sa wa jama'a albarka.